Ondiler, regilater da miltipiriz: me zai tsare kwamfutar tebur idan kuran na wasa?

Assalamu alaikum, jama'a.  Ƙanwata tana da shago a nan Tahoua, inda take buga wa mutane takardu, tana gyara wa ƴan makaranta rubutunsu. Kwamfutar tebur ɗaya gare ta, wadda muke ce wa ordinater, da allonta, da ɗan akwatin intanet, da injin buga takarda. A cikin zafin bara sau biyu akwatin wutar cikin kwamfutar ya ƙone. Na uku kuma ba abin da ya ƙone, sai dai wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, da ta dawo kwamfutar ta ƙi tashi, aikin kwana uku ya tafi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin a lokacin tana da regilater, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, kuma ta ɗauka cewa ta gama da matsalar kuran ke nan.

Kuran da NIGELEC ke kawowa gidajenmu bolt 220 ne a ƙa'ida. Amma lalacewarsa kala uku ce, kuma kowace da maganinta. Akwai tsalle na ƙiftawar ido, wanda tsawa ke jawowa da damina, ko wanda ke zuwa daidai lokacin da aka maido wuta. Akwai raunin wuta mai daɗewa, irin na watan Afrilu da Mayu, lokacin da kowane gida ya kunna fanka da firiji da kilim, sai ku ga fitila ta yi ja, fanka tana juyawa da kyar. Sannan akwai ɗaukewa ɗungurungum. Regilater raunin wutar kaɗai yake warkarwa. Shi ya sa nata bai cece ta ba.

Miltipiriz mai kariya, wanda masu shago ke ce wa parafudur, shi ne na tsallen. A cikinsa akwai wani ɗan faifai kamar kwabo, ana ce masa baristans. Idan wuta ta yi tsalle, sai ya buɗe mata hanya ta wuce ba tare da ta shiga kwamfuta ba. Duk dukan da ya sha yana rage masa ƙarfi, har ranar da zai mutu, ramukan kuma su ci gaba da ba da wuta kamar ba abin da ya faru. Don haka ku sayi mai ƴar fitilar da ke nuna kariya na aiki, in ta mutu ku canza shi. Miltipiriz ɗin da ke da makunni ja kawai, wannan waya ce da ramuka, ba ya tsare komai. Kuma ko mai kyan yana bukatar wayar ƙasa, wadda masu gyaran wuta ke ce wa ter. Gidaje da yawa a nan ramin bango waya biyu ce kawai a cikinsa. In haka naku yake, ku kira mai wuta ya kafa ƙarfen ƙasa, ya jawo muku waya ta uku. Alamar rashinta ba ta ɓuya: ka taɓa jikin kwamfuta ba takalmi, ka ji tana ɗan cizonka.

Kafin a sayi regilater, a auna. Mun samu mai wuta ya sa ma'auninsa a ramin shagon sau uku a yini. Da safe ya nuna kusan 215, da azahar 190, bayan magariba kuma ya sauka har 165. Daga nan muka juya bayan kwamfutar muka karanta takardar da ke manne a akwatin wutarta. In kun ga an rubuta 100-240V, to wannan akwatin yana jure raunin wuta da kansa. In kuwa 200-240V kuka gani, kamar nata, to 165 ta yi masa kaɗan, zai riƙa jan wuta fiye da ƙima yana zafi, ko ya riƙa kashe kansa yana sake tashi. Ga wani abu da nake roƙonku: wasu tsofaffin kwamfutocin tebur suna da ɗan makunni ja a baya mai lamba 115 da 230. Ku tabbata yana kan 230. In yaro ya tura shi kan 115 aka jona, ƙara ɗaya za ku ji da warin ƙuna.

Regilater taransifoma ne mai matakai. In wuta ta sauka, sai ku ji ƙas, ya hau mataki ya ɗaga ta, in ta hau kuma ya sauke ta. Amma ba ya ajiye wuta ko ta daƙiƙa ɗaya, kuma idan abin da ke shigowa ya yi ƙasa sosai, nauyin da zai iya ɗauka ma yana raguwa. Regilater mai 1000 VA, wato lambar nauyin da aka rubuta masa, ba zai ɗauki cikakken nauyinsa ba a kan bolt 165. Saboda haka a saye shi da rara, kamar ninki biyu na abin da za a ɗora masa. Yawancinsu suna da maɓalli da aka rubuta DELAY. Ku danna shi ku bar shi a danne. Shi ne ke sa ya dakata kafin ya saki wuta bayan an maido ta, lokacin da ta fi rawa.

Yanzu ga ondiler, kuma nan ne aka fi asarar kuɗi. Batir ne a cikin akwati, da na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta bango. Kuran na ɗaukewa, sai ya karɓa cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kwamfuta ba ta ma sani ba. Mai shago zai nuna muku babbar lamba a kwali, 650 VA, ya ce ai wannan wat 650 ne. Ba haka ba ne. A kan waɗannan ƙananan, wat ɗin gaskiya kusan kashi 55 zuwa 60 cikin 100 ne na wannan lambar. Ku juya bayan akwatin, sau da yawa za ku ga an rubuta 650VA/360W. Lambar da ke da W ita ce abin dubawa.

Mu yi lissafin shagonmu. Kwamfutar ofis irin tata tana jan kamar wat 120 in tana aiki. Allon, wat 30. Akwatin intanet, wat 10. Jimla 160. A kan ondiler mai wat 360, bai kai rabi ba, kuma haka ake so. Kada lambar da ke jikin akwatin wutar kwamfuta ta ruɗe ku: in an rubuta 450W, iyakar abin da zai iya bayarwa ke nan, ba abin da yake sha kullum ba.

To minti nawa zai riƙe? A cikinsa batir ɗaya ne, an rubuta 12V 7Ah. Sha biyu sau bakwai, 84. Wato a takarda zai ba da wat 84 na tsawon awa guda, wat 160 kuma na kusan rabin awa. Amma batirin darma idan aka zuƙe shi da sauri ba ya ba da duk abin da ke cikinsa, na'urar juyawar ma tana cin nata rabon. Da muka gwada da agogo, minti goma muka samu, yana sabo. Minti goma ta isa ka adana aikinka, ka rufe takardu, ka kashe kwamfuta yadda ya kamata. Ba ta isa ka ci gaba da aiki har a maido wuta ba. Wanda ya zauna yana bugawa ondiler na kuka har ya mutu, ya yi asara biyu: kwamfuta ta mutu ba shiri, batirin kuma duk zuƙewar da aka yi masa har ƙasa tana rage masa kwana.

Injin buga takarda mai leza kuwa, don Allah kada ya kusanci ondiler. A cikinsa akwai ƙarfe mai zafi da ke manna tawada a takarda, kuma lokacin da yake ɗumama shi yana iya jan wat ɗaruruwa a tashi ɗaya, fiye da duk abin da ƙaramin ondiler zai iya bayarwa. Sai ku ji dogon kuka, komai ya mutu tare da kwamfutar. Nata mun ba shi ramin bango daban, da nasa regilater babba.

Ga yadda muka jera su. Daga bango sai miltipiriz mai kariya, sai regilater, sai ondiler, sannan kwamfuta da allo da akwatin intanet a ramukan ondiler. Ba a sa regilater bayan ondiler. Wani zai ce, ai ondiler ɗina an rubuta masa AVR, yana da ƙaramin regilater a cikinsa. Gaskiya ne, kuma in wutar unguwarku ba ta sauka sosai, ya isa shi kaɗai. Amma in kun ji yana ta kuka yana komawa kan batir alhali fitilar ɗaki na kunne, to wutar ta sauka ƙasa da abin da yake karɓa. Kullum da yamma yana cin batirinsa, ranar da wuta za ta ɗauke da gaske kuma a tarar ba komai a ciki. Nan ne regilater a gabansa yake da amfani.

Sai zafi. Masu ƙera waɗannan batura suna lissafin shekara uku zuwa biyar ne a ɗaki mai digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana cinye kusan rabin kwanansa. Ku da kuka san Tahoua a watan Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, kun san abin da wannan ke nufi. Kada a cusa ondiler cikin akwatin tebur, kada a ɗora masa takardu, kada a ajiye shi inda rana ke bugu. A ɗaga shi daga ƙasa kaɗan, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu daga ramukan iskarsa. Sabo kuma a bar shi ya sha caji kamar awa takwas kafin a dogara da shi.

Kowane wata ƙanwata tana yin gwaji ɗaya. Tana adana aikinta, ta kashe makunnin miltipiriz, ta duba agogo. In kwamfutar ta mutu nan take, ko batirin ya gaji ko nauyin ya yi yawa. In minti goma ta koma biyu, batir ne. Ba sai an sayi sabon ondiler ba, a buɗe a canza batirin da irinsa, 12V 7Ah. Wanda ya kumbura ko yake wari, a cire shi ranar.

In kuma hadari ya haɗo kuna jin tsawa kusa, kada ku dogara da ko ɗaya cikin ukun nan, domin tsawar da ta faɗa kan wayar unguwa ta fi ƙarfinsu duka. Ku kashe kwamfuta, ku zare filogi daga bango, ku zare wayar intanet ma in daga waje ta shigo ɗakin, sai ruwa ya wuce ku mayar.