Kishiyar matris: wa ke ƙaura, wa ke zama a ɗakinsa?

Jama'a, barkanmu da war haka. Wannan hoton da kuke gani daga littafin wani ƙanena ne da ke karatu nan Garwa, inda aka ce ya nemo kishiyar matris, wato lambobin nan da ake jerawa layi-layi. Malam ya ja masa jan biro daga sama har ƙasa, shi kuwa ya rantse da girman Allah ya bi ƙa'ida. Na duba littattafan abokansa uku, duk rami ɗaya suka faɗa.

Bari mu fara da ninkawa, a gurguje, don da ita za mu kama ɓarawon. Ba a ninka matris gida da gida. Layin kwance na ta hagu ne ke bin layin tsaye na ta dama. Ku bi yatsana: na farko sau na farko, na biyu sau na biyu, a tara. Amsar ta zauna inda layukan biyu suka haɗu. Shi ke nan.

Ga tamu ta yau, sunanta A.

```
A = | 3  1 |
    | 4  2 |
```

Abin da a aji ake ce wa ambers, ni kishiya nake ce mata. Ita ce wadda in ka ninka ta da A, sai ka sami I: 1 da 1 a karkace, sifiri a sauran gidaje biyun. Kuma a'a, ba kifa kowace lamba za ka yi ta zama ɗaya bisa uku, ɗaya bisa huɗu ba. Wanda ya koya maka haka ya cuce ka.

Detarminan tukuna. 3 sau 2, shida. 1 sau 4, huɗu. Shida a ɗebe huɗu, saura 2. Ajiye shi gefe. Da sifiri ya fito, da nan za mu naɗe tabarma, don ba a raba abu da sifiri, matris ɗin ba ta da kishiya.

To, yanzu ku ajiye kofin shayin.

Lambobi huɗun nan aiki biyu ake yi musu, kuma kowace lamba aiki ɗaya tak take samu. 3 da 2, na kan layin karkace daga sama hagu zuwa ƙasa dama, su ne ke musayar ɗaki, alamarsu ba ta canzawa. 1 da 4 kuwa ba sa motsi ko taku ɗaya. Alamar ɗebewa kawai ake manna musu, muwan ɗin nan namu.

```
|  2  -1 |
| -4   3 |
```

Ƙanena ya ga an yi wa 3 da 2 ƙaura, sai ya ce adalci shi ne 1 da 4 ma su tashi. Ya kai muwan 4 sama, ya sauko da muwan 1.

Me ya sa 1 zai zauna a sama? Mu ninka A da wannan sabuwar, mu dubi gidan sama na dama, inda muke neman sifiri. Layin kwance 3 da 1 ne, layin tsaye muwan 1 da 3. Uku sau muwan ɗaya, muwan uku. Ɗaya sau uku, uku. Sun cinye juna. Lambobin layin ne da kansu aka juya, aka sa wa ɗaya muwan, don su kashe kansu. Ka kawo 4 nan, ba ta da abokin kokawa.

Mu ƙarasa gwajin. Sama hagu: shida da muwan huɗu, 2. Ƙasa hagu: takwas da muwan takwas, sifiri. Ƙasa dama: muwan huɗu da shida, 2. Kun ga 2 ɗin da muka ajiye ya dawo da ƙafarsa? Shi ya sa ake raba komai da detarminan, don 2 da 2 su koma 1 da 1.

```
A⁻¹ = |  1  -1/2 |
      | -2   3/2 |
```

Shawarata, ku yi gwajin kafin rabawa, kamar yadda muka yi yanzu. Lissafi da rabi-rabi a zafin Garwa na watan Afrilu, ga agogon jarrabawa na gudu, neman rigima ne.

Yanzu ta ƙanena. Sama dama: 3 sau muwan 4, muwan sha biyu, a tara uku, muwan 9. Inda ake jiran sifiri! Gida ɗaya ya isa ya tona asiri, bai kai rabin minti ba.

Na tambaye shi yadda aka yi bai taɓa lura ba. Ashe misalan da ya yi ta gwadawa a gida, lambar sama dama da ta ƙasa hagu iri ɗaya ne, kamar 1 da 1. Ka musanya su ko ka bar su, amsa ɗaya ce, sai kuskuren ya yi kwanton ɓauna har ranar jarrabawa.

Ga wata a allo: 5 da 2 a sama, 7 da 3 a ƙasa. Detarminan ɗinta 1 ne, babu wahalar rabawa. Ku tsayar da bidiyon nan, ku ɗauko biro, ku fara da gidan sama na dama.