Lissafin biyan rance na wata-wata da PMT: lacca ga ma'ajin ƙungiyoyin haɗin gwiwa

To jama'a, na baya kuna ji? Madalla. Abubuwa huɗu zan taɓo a kan PMT, wato fomular da ke cikin Excel wadda ke faɗa wa ma'aji abin da mai rance zai riƙa biya kowane wata. Irinta ce a Google Sheets da LibreOffice, ba a canza komai ba. Misali ɗaya za mu riƙe har mu tashi, don kada lambobi su ruɗa mu. Ɗan ƙungiya ya karɓi 120,000, kuɗin ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara, zai biya cikin wata 12.

Na farko, yadda ake rubuta ta. A akwatin B1 ku sa 120000, a B2 ku sa 12%, a B3 ku sa 12. A B4 kuma ku rubuta wannan:

```
=PMT(B2/12,B3,-B1)
```

Me ya fito? 10,661.85. Wanda bai ga haka ba ya ɗaga hannu. Hajiya, me ya ba ki? 19,372.42? To, kin manta rabawa da 12, kuma Allah ya saka da alheri da kika manta, don shi ne kuskuren da ya fi yawa. PMT ba ta san shekara ba, ba ta san wata ba. Abin da ta sani shi ne zango, wato tazarar da ke tsakanin biya da biya. Idan ka ce mata zango 12 ne, ka kuma ba ta kashi 12, sai ta ɗauka kashi 12 ake ɗorawa a kowane wata. Dole ruwa da yawan biya su tafi a kan ma'auni guda. Biyan wata-wata, ka raba ruwan shekara da 12. Idan rancen na shekara biyu ne, a B3 za ka sa 24, kada ka sa 2. Akwai kuma ƙanen wannan kuskuren: mutum ya buga 12 ba tare da alamar % ba. Nan amsar za ta zo 120,029.30 a wata, ka ga sai ɗan ƙungiya ya suma a ofis. Shi ya sa kafin ka yarda da na'ura, ka raba 120,000 da 12 a kanka. 10,000 ke nan. Amsar gaskiya za ta ɗara wannan da kaɗan, idan ta kusa ninka shi, to akwai gyara.

Alamar ɗebewa da na sa gaban B1 kuma, ga dalilinta. A wurin Excel kuɗin da ya fita daga hannunka yana ɗauke da alamar ɗebewa, wanda ya shigo ba shi da ita. Ƙungiya ce ta fitar da 120,000, don haka muka sa masa alamar, biyan da zai shigo ya fito fes. Idan ba ka sa ba, lambar ɗaya ce, sai dai ta fito da ɗebewa ko cikin baka, wani lokaci da jan launi. Ba ɓaci ba ne.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Wancan malamin na ga ya ɗauko kalkuleta yana girgiza kai. Na san abin da ka yi, Malam. Ka ce kashi 12 na 120,000 shi ne 14,400, ka haɗa ya zama 134,400, ka raba da 12 ka samu 11,200. Haka ne? To, lissafinka daidai ne, na PMT ma daidai ne. Tsari biyu ne daban, amma kowanne ana kiransa "kashi 12". A tsarinka, an ƙididdige ruwa a kan uwar kuɗin gaba ɗaya tun daga farkon shekara har ƙarshenta, kamar mutumin bai mayar da ko sisi ba sai ranar ƙarshe. PMT kuwa kowane wata tana duba abin da ya rage a wuyan mai rance ne, a kansa take ɗora ruwa.

Mu bi shi da hannu, don sai an bi da hannu yake zama a kai. Kashi 12 a shekara, kashi 1 ke nan a wata. Wata na farko ana binsa 120,000, ruwansa 1,200. Ya kawo 10,661.85. Cire 1,200, saura 9,461.85, shi ne ya shiga uwar kuɗi. Bashi ya koma 110,538.15. Wata na biyu, kashi 1 na 110,538.15 nawa ne? 1,105.38. Kun ga ruwa ya sauka. Biyan bai canza ba, 10,661.85 ne dai, amma yanzu 9,556.47 ne ya tafi ga uwar kuɗi, bashi ya dawo 100,981.68. Haka za a yi ta tafiya, ruwa na raguwa, rabon uwar kuɗi na ƙaruwa, har a wata na 12 ruwan ya koma 105.56 kacal. Aikin PMT ke nan gaba ɗaya: ta nemo lamba guda wadda idan aka yi ta biyanta sau 12 a wannan tsari, bashin zai sauka a kan sifiri cif.

Yanzu ku tara. A tsarin PMT ruwan shekarar duka 7,942.26 ne. A tsarin Malam 14,400. Bambancin 6,457.74, a kan rance ɗaya tak. Ku maimaita wannan a kan duk rancen da ke littafinku, ku ga irin ramin da ma'aji zai faɗa idan kwamiti ya yi kasafi da tsari ɗaya shi kuma yana karɓa da ɗayan. Ranar taron shekara ba Excel za a tsayar a gaban jama'a ba, kai za a tsayar.

Bari in ƙara jaddadawa, don na ga wasu na rubutu ba su ɗago ba. Kafin ka taɓa PMT, buɗe kundin dokar ƙungiyarku ka karanta abin da aka rubuta game da rance. Idan an ce a kan ragowar bashi, PMT taka ce. Idan an ce a kan jimlar abin da aka karɓa, PMT ba ta da hurumi a nan, tarawa da rabawa kawai za ka yi kamar yadda Malam ya yi. Idan kuwa kundin cewa kawai ya yi kashi 12 ya yi shiru, kada ka zaɓa da kanka. Ka kai wa kwamiti lambobin nan biyu, 10,661.85 da 11,200, su yanke, a rubuta a littafin taro.

Wani abu kuma, tunda mun zo nan. Mai biyan 11,200 a wata, a zahiri kashi nawa yake biya idan aka auna da ma'aunin ragowar bashi? Akwai 'yar'uwar PMT da ke ba da amsa:

```
=RATE(12,-11200,120000)*12
```

Za ta ba ku wajen kashi 21.46. Eh, na ji wani ya yi salati. Dalilin a fili yake: bashin raguwa yake yi kowane wata, idan aka daidaita a tsawon shekarar, abin da ke wuyansa bai fi rabin kuɗin da kaɗan ba, amma an caje shi kamar duka yake riƙe da su. A ganina ɗan ƙungiya ya cancanci a nuna masa wannan lambar kafin ya sa hannu, musamman idan yana kwatanta rancenku da na wani wuri.

Ina muka tsaya? Na uku ne ko na huɗu? To, ko wanne ne, lokaci ya tafi, mu yi sauri. Lambar da ke B4 tana da jela wadda ba ta fitowa a allo, ainihinta 10,661.8546 ne da 'yan kai. Babu mai biyan jela. Ku naɗe ta haka:

```
=ROUND(PMT(B2/12,B3,-B1),2)
```

Bayan biya 12 za a ga ɗan guntu kamar 0.06 ya rage, sai a ɗora shi a kan biyan ƙarshe. PMT tana kuma da gurabu biyu a ƙarshe da ba mu cike ba, fv da type. Idan an bar su, tana ɗauka bashin zai ƙare ƙaf, kuma ana biya a ƙarshen kowane wata. Wanda ya sa 1 a type, ya ce mata biyan farko a ranar karɓar kuɗi ne, amsar ta sauka zuwa 10,556.29. Kada ku sa sai in haka kuke yi da gaske. Idan kuma kwamfuta ta ƙi karɓar fomular gaba ɗaya, gwada sa alamar ; a madadin waƙafi, wasu kwamfutocin haka aka saita su.

Akwai tambaya? Bismillah, Hajiya.

Tambayar ita ce, ƙungiyarsu ba ta ɗora ruwa ko kaɗan, shin PMT za ta yi musu aiki? Za ta yi. Sa 0% a B2, za ta ba ki 10,000, wato rabawa kawai. Idan kuma kaya kuke saya ku sayar wa ɗan ƙungiya da riba tsayayya, sai ki haɗa kuɗin kayan da ribar ki sa a B1, ki bar B2 a sifiri. Gaskiya ke rabawa ta ishe ki, amfanin fomular dai shi ne takardarku ta zama iri ɗaya ga kowa.

Na'am, Malam? Wanda ya biya wata shida ya ce zai rufe bashinsa? Yauwa, wannan ya fi abin da na shirya rufewa da shi. Kuskuren da ake yi shi ne a ce saura biya shida, a ninka 10,661.85 sau 6, a nemi 63,971.10. An zalunce shi, don a ciki akwai ruwan watannin da ba su zo ba. Wani kuma ya ce rabin lokaci ya wuce, saura rabin kuɗi, 60,000. Nan ƙungiya ce ta yi asara, don kun tuna a watannin farko rabon uwar kuɗi ya fi ƙanƙanta. Abin da ake binsa shi ne ragowar uwar kuɗi, ga yadda za ka same ta:

```
=FV(B2/12,6,B4,-B1)
```

Wajen 61,790.5 za ta ba ka, 'yan ɗigon ƙarshe sun danganta da ko ka naɗe B4 ko ba ka naɗe ba. Amma fa wannan idan ya biya duk shidan cif a kan lokaci ne. Idan ya tsallake wata ɗaya, ko ya taɓa kawo rabi, FV da PMT duk ba su sani ba, su sun ɗauka kowa na cika alkawari. Irin wannan sai ka ja jadawali layi-layi kamar yadda muka yi ɗazu, kowane wata ka rubuta abin da ya kawo da gaske, ka cire ruwan watan, ka sauke bashin. Mai riƙe da lokaci ya nuna mini agogo sau biyu. Wanda B4 ɗinsa har yanzu bai nuna 10,661.85 ba ya kawo kwamfutarsa nan gaba mu duba.