Dami ɗaya, goma ke nan: koyar da matsayin lamba da tsinke da marfin kwalba

Malam, Malama, ku dubi allon yaron nan. An ce ya rubuta ashirin da uku, sai ya rubuta 203. Kada ku yi saurin cewa bai ji ba. Ya ji sarai: ya rubuta 20, ya bi ta da 3, daidai yadda bakinku ya faɗa. Abin da bai gane ba shi ne 2 ɗin da ke cikin 23 ita kaɗai ta riga ta ɗauki nauyin ashirin. Wannan za mu gyara yau, ba littafi, ba takardar da aka buga.

Kayan aikin duk suna nan Damagaram. Tsinken tsintsiya mai kauri ko siririn karan hatsi, a yanka tsawon taƙi guda, duk bai ɗaya. Zaren ɗauri kuwa a tsaga tsohuwar robar tayar keke, don ta fi kaba sauƙin kwancewa a hannun yaro. Ku raba ajin biyar biyar, kowane rukuni tsinke 120. Ajin mutum sittin zai ci 1440, amma in kowane ɗalibi ya kawo 24 daga gida, an gama.

Ku zana gida biyu a ƙasa. Na dama gidan ɗaiɗai, na hagu gidan dami. Doka guda ce: in an gama aiki, gida ba ya riƙe abin da ya wuce tara. Yara su riƙa ajiye tsinke ɗaya bayan ɗaya suna ƙirgawa. Da na goma ya sauka, a tattara, a ɗaure, damin ya ƙaura hagu. Su ne za su ɗaure, ba ku ba. Yaron da aka miƙa wa ɗaurarren dami, a wurinsa abu ɗaya ne. Wanda ya ƙirga ya ɗaure da hannunsa ya san goma ke ciki.

Yanzu ga dami biyu da tsinke uku. A rubuta 2 ƙarƙashin gidan hagu, 3 ƙarƙashin na dama. Sai ku ce su ajiye 32 kusa da shi, su ga tulin da ya fi. Sannan 40: dami huɗu, gidan dama fayau. Nan sifiri ke samun aikinta, ita ce mai gadin gidan da ba kowa, don kada 4 ta zame ta faɗa ciki. Abu ɗaya ku kiyaye: in kun fuskanci yara, hagunku damarsu ce. Ku durƙusa gefensu, kuna kallon inda suke kallo.

Mu ɗauki 32 a ɗebe 17. Yara da dama za su ce 25, don sun ga 7 ba ta fita daga 2, sai suka juya suka cire 2 daga 7. Da tsinke wannan dabarar ba ta da hanya. Dami uku ne da tsinke biyu a gabansu, ana son bakwai. Ku yi shiru kaɗan, ku bar su da matsalar, har wani ya kai hannu ga robar. An kwance dami ɗaya: saura dami biyu da tsinke goma sha biyu, kuma har yanzu 32 ne, ba abin da ya ƙaru. A cire bakwai, saura biyar. A cire dami ɗaya, saura ɗaya. Amsa 15.

Marfin kwalba yana zuwa daga baya, kuma ni ba na son a gaggauta shi. A dami ido na ganin goman. Marfi kuwa ko'ina kamarsa ɗaya, gidan da ya zauna ne ke ba shi daraja, kamar dai lambar da ake rubutawa. Don haka ku yi amfani da marafa iri ɗaya. In kuka ce ja goma ne, fari ɗaya, launi yara za su haddace, su manta da gida. Marafa talatin sun ishi rukuni. Goma a dama ana musanya su da ɗaya a hagu, kuma nan ne za ku ƙara gida na uku, na ɗari, tunda ɗaure tsinke ɗari ɗari wahala ce. Misali da kuɗi ku ɗan jinkirta shi: a kasuwar Dole da dala ake lissafi, yaro ya san kwabon da aka rubuta 50 a kansa goma ake ce masa.

Kafin ku matsa gaba, ku rubuta 23, ku ɗora yatsa kan 2, ku ce: kawo mini wannan da tsinke. In ya kawo dami biyu, ku ba shi marafa. In tsinke biyu ya ɗauko, ku mayar da shi wurin ɗauri, ya sake ƙirga goma da kansa.