Hoton kaya da waya kaɗai: a fara da taga

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa biyar na rubuto a kan ɗaukar hoton kayan sayarwa da waya, irin wanda za a jera a katalog na intanet. Na farko haske, kuma ku yi haƙuri, a nan zan ɗan zauna.

Yawancin hotunan da ake nuna mini ana cewa waya ce ba ta da kyau, in na duba sai in ga wayar lafiyarta ƙalau, ɗakin ne duhu. Idon kyamarar waya ƙarami ne. In haske ya yi mata kaɗan, dabara biyu take yi. Ko dai ta ɗaga ƙarfin jin haskenta, abin da za ku ga an rubuta ISO, sai hoton ya fito da tsaki-tsaki, ko ta daɗe tana ɗauka, hannunka ya ɗan motsa, hoton ya yi dishi-dishi. Yadda za ka gane: buɗe hoton, ka ja shi da yatsu biyu ya girma, ka dubi wuri mafi duhu. In ka ga tsaki, haske ne bai isa ba.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Jakar hannu ta fata, ruwan ƙasa, mai zif. Ga ta nan a kan tebur, ku matso da idanunku. Ka nemi taga mafi girma, a lokacin da rana ba ta faɗowa ciki kai tsaye. Ka jawo tebur kusa da ita, kamar rabin mita zuwa mita ɗaya. Tagar ta kasance a gefen jakar, hagu ko dama. Kada ta kasance a bayanka, don inuwarka da ta wayar za su faɗa kan kayan. Kada kuma ta kasance a bayan jakar, don za ta fito baƙa ƙirin. A gefe. Na sake faɗa, a gefe. Hasken gefe shi ne ke fito da ɗinki da ƙwayar fata, har mai saye ya ji kamar ya taɓa.

Sai ka kashe ƙwan ɗaki. Na ga wata baiwar Allah a can ta zaro ido, wai ana neman haske kuma a kashe fitila? E, Hajiya, a kashe. Haske launi gare shi. Da kelbin ake auna launin haske: na rana wajen kelbin 5500 yake, fari ne. Ƙwai mai ja-ja ɗin nan kuwa wajen 2700 zuwa 3000 ne. In suka haɗu a kan jaka ɗaya, wayar ba za ta iya gyara biyun lokaci guda ba, sai gefe ɗaya ya yi shuɗi-shuɗi, ɗaya gefen ya yi ruwan lemo. Jakar nan ruwan ƙasa ta koma ja a hoto, mai saye ya yi oda, ta iso, ya ce ba ita ya gani ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin mai kayan bai yi niyyar yaudara ba, amma sunan da zai samu ke nan. Filas ɗin waya ma a kashe shi. Yana daf da idon kyamara, haskensa dukan kaya yake yi gaba da gaba, ya bar farin tabo a tsakiya da baƙar inuwa a baya.

Yanzu gefen taga ya yi haske, ɗaya gefen ya yi duhu. Ka samu farin kwali, ka tsayar da shi a gefen duhun yana fuskantar taga. Ku dubi allon wayata. Ina matso da shi, kun ga inuwar tana buɗewa? Ina ja da baya, ta dawo. Ka tsaya inda zif ɗin ya fito sosai amma da sauran 'yar inuwa, don in ta ɓace gaba ɗaya jakar za ta zama shafal, ba a gane kaurinta. Kwalin kuma fari tas, in mai launi ne launinsa zai shafa wa kayan. In rana ta matsa sai ta shigo, rataya farin yadi marar kauri a tagar, bakin inuwar zai yi laushi.

Na biyu... a'a, ban gama da haske ba. Farar takarda babba za ka shimfiɗa, ka manna samanta a bango, ta gangaro kan tebur a lanƙwashe ba tare da ka karya ta ba, don kada layi ya ratsa bayan jakar. To waya in ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta, takardarka ta fito ruwan toka. Maganinsa: ɗora yatsa a kan jakar a allo, ka danne har ta kulle. A iPhone za ka ga an rubuta AE/AF LOCK, a wasu wayoyin alamar kwaɗo ce. Sannan ka ja alamar rana da ta fito a allon sama a hankali har takardar ta yi fari. Da zarar ɗinkin gefen taga ya fara narkewa cikin haske, ka wuce gona da iri, dawo kaɗan.

Lokaci ya ja, an ɗago mini takarda. Ga sauran a taƙaice: goge idon kyamara da tsumma mai laushi kafin ka fara, maiƙon yatsa shi ke sa hoto hazo. Kada ka kusanci kaya da yawa a 1x, wato idon kyamara na yau da kullum, abin da ke kusa da wayar zai kumbura, jaka ta zama kamar ta ƙoshi. Ja da baya, in wayarka tana da ido na 2x, mai jawo abu kusa ninki biyu, ka yi amfani da shi. In ba ta da shi, ɗauka daga ɗan nesa ka yanke daga baya. Jingina wayar da tarin littattafai, ka sa ta ƙirga daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka. Kada ka yi amfani da Portrait, tsarin da ke sa bayan kaya ya yi dishi-dishi, yana cinye gefen maɗaurin jaka. Kowane kaya gaba, baya, ciki, da na kusa guda, duka a 1:1, wato tsawo da faɗi daidai, a wuri ɗaya da nisa ɗaya, don su jeru daidai a katalog.

Akwai tambaya? Na'am, Malam.

Ya ce shi turare da agogo yake sayarwa, kullum yana ganin kansa da wayarsa a jikin kwalba. Yauwa, na ji daɗin wannan. Abu mai sheƙi, abin da ke kewaye da shi yake nunawa, saboda haka kewayen za ka gyara. Sa farin kwali hagu da dama, kwalbar za ta ɗauki dogon farin layi mai tsabta a kowane gefe. Ka samu wani kwalin, ka huda rami daidai idon kyamara, ka ɗauka ta cikinsa, kai da rigarka kun ɓace. Kwalba mai ruwa a ciki ita ce inda na yarda haske ya zo ta baya, amma ta cikin farin yadi, sai launin turaren ya haskaka. Sai dai rubutun gaba zai yi duhu, don haka kwalin mai ramin nan zai mayar masa da haske. Agogo kuwa, ka karkata fuskarsa kaɗan-kaɗan kana kallon allo, har farin tagar ya zame daga kan gilashin, lambobi su fito. Kawo agogon hannunka, Malam, mu gwada a bakin tagar can kafin a tashi.