Ka Ci Jarrabawar CCNA: Yaya Za Ka Sanar Ba Tare Da Cika Baki Ba?

Sakamako ya fito, ka ci. Ka buɗe LinkedIn za ka sanar, sai hannu ya tsaya. Mu da aka rena da "yabon kai jahilci" mun san wannan nauyin. Amma in ka yi shiru, mai neman ma'aikaci ba zai san ka iya ba.

Bari mu ɗauki misali ɗaya. Matashi ne mai kula da kwamfutocin wani ofis, ya samu satifiket ɗin CCNA na kamfanin Cisco, wanda ake samu da cin jarrabawar 200-301. Ga abin da ya fara rubutawa: "Ina alfaharin sanar da ku cewa yanzu na zama ƙwararre a harkar sadarwar kwamfuta. Mutane da yawa sun kasa, ni kuwa zama ɗaya na haye."

Ku saurare shi da kyau. Ya kira kansa ƙwararre, alhali CCNA yana cikin matakan ƙasa a tsanin Cisco, akwai CCNP da CCIE a samansa, kuma duk ɗan wannan sana'a ya san haka. Sannan ya taka waɗanda suka faɗi don ya ƙara tsawo. Abin da ya fi damuna kuwa, ka karanta har ƙarshe ba ka san me ya koya ba.

Gyaran yana cikin tambaya ɗaya: me ka kasa yi a da, wanda yanzu kake yi? Ga rubutunsa na biyu:

"Alhamdulillahi, na samu satifiket ɗin CCNA. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rarraba adireshin kwamfutoci. Na daɗe ban gane dalilin da ya sa /26 ke ɗaukar na'urori 62 ba, alhali adireshi 64 ne a ciki, sai da na yi ta gwaji a Packet Tracer na ga cewa na farko sunan rukunin ne, na ƙarshe kuma na aika saƙo ga kowa. A da ina haɗa wayoyin baƙi da kwamfutocin lissafin kuɗi a layi ɗaya. Yanzu na san yadda ake raba su da VLAN. Na gode wa babban yayana a wurin aiki da ya riƙa duba mini gwaje-gwajena bayan an tashi. Har yanzu OSPF ina kan koyo."

Babu inda ya ce shi gwani ne. Amma injiniyan da ya ga 62 ɗin nan ya san yaron ya zauna ya yi aikin da hannunsa, domin wanda ya haddace amsoshi kawai ba ya iya faɗin inda ya maƙale. Wanda kuma bai san fannin ba ya fahimci batun baƙi da kwamfutocin kuɗi. Godiyar ma ta zauna daidai, tunda ya faɗi abin da mutumin ya yi masa. Jera sunayen manya goma don su ga rubutun, wannan neman ido ne, kuma mutane suna ganewa.

Akwai wata fariyar da ke zuwa sanye da rigar tawali'u. "Ɗan ƙaramin satifiket ne, ban ma yi wani karatu ba." Don Allah kar ka rubuta haka. Wanda ya kwana yana karatu ya faɗi zai karanta, kuma zai ji ciwo. In wata huɗu ka yi, ka ce wata huɗu. In sai a karo na biyu ka ci, kuma ranka ya kwanta da faɗa, faɗi, domin zai ƙarfafa wa wani gwiwa.

Sai hattara da abu biyu. Kafin ka fara jarrabawar ka amince ba za ka fitar da tambayoyinta ba, don haka ka yi maganar darasi, kar ka kawo tambayar da ka gani, ko da wani ya biyo ka ta akwatin saƙo yana roƙo. Haka adireshin na'urorin ofishinku, kar su fito a hoto ko a rubutu.

Hujja kuma ka bar ta ta yi magana. A LinkedIn ka shiga sashen Licenses & certifications, ka sa mahaɗin bajonka na Credly a gurbin Credential URL, yadda mai son tabbatarwa zai danna ya gani da kansa. Ka cike ranar ƙarewa ma, domin CCNA shekara 3 yake yi kafin a sabunta shi.