Yadda Rijiyoyi 12 Suka Zama Unguwa Guda: Haɗarin Taƙaita Abin da Aka Riga Aka Taƙaita

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu ɗauki sanarwa guda, mu rage mata tsawo sau uku, mu ga abin da zai saura. Sanarwar misali ce muka shirya, amma irinta ce ke isa teburin ɗan jarida ko sakataren ƙungiya a nan Kaduna duk damina. Ga ta, kalmominta 79:

"Kwamitin lafiya na unguwa ya sa an gwada ruwan rijiyoyi 40 a watan Agusta. An sami ƙwayoyin cuta a 12 daga ciki, kuma 10 daga cikin 12 ɗin suna kusa da masai. Mai yiwuwa ruwan sama ne ya tura ƙazanta cikinsu, amma sai an sake gwaji bayan mako biyu za a tabbatar. Ba a sami komai a ruwan burtsatse biyu na unguwar ba. Gidajen da abin ya shafa su riƙa tafasa ruwan sha har sakamako na biyu ya fito."

Edita ya duba ya ce wa wakilinsa, "Malam, ta yi tsawo, a rage." Wakili ya mayar da ita kalmomi 32: "An gwada rijiyoyi 40 a unguwar, an sami ƙwayoyin cuta a 12, yawancinsu kusa da masai. Ana zargin ruwan sama ne ya jawo. Gidajen da abin ya shafa su tafasa ruwan sha."

Babu ƙarya ko ɗaya a nan, kuma wannan ne ke ruɗin mutane. Amma ku duba abin da ya zube. Ba mu san wanda ya sa aka yi gwajin ba yanzu. Maganar sake gwaji ta tafi. Mafi tsada kuwa, jimlar burtsatse ta ɓace, ita da ke nuna wa mutane inda za su ɗebi ruwa mai kyau. An cire ta ne don ba ta da zafi: "ba a sami komai ba" ba ya kama da labari a idon mai gaggawa.

Lokacin shiri ya matso, sai wani ya sake ragewa. Wannan mutum bai ga takardar asali ba, ta biyu ce a hannunsa. Ya rubuta kalmomi 16: "Ruwan sama ya gurɓata rijiyoyi da dama a unguwar, an shawarci jama'a su tafasa ruwan sha." A nan ne jirgi ya fara kauce hanya. "Mai yiwuwa" ya zama "ana zargi", yanzu kuma ya zama tabbas. 12 cikin 40 ya koma "da dama", wanda mai sauraro zai iya ɗauka 30 ne. "Gidajen da abin ya shafa" sun zama "jama'a". Shi kuwa ba shi da hanyar gane ya yi ɓarna, domin in ka gwada aikinsa da takardar da aka ba shi, bambancin ɗan kaɗan ne.

Zagaye na uku kanun labari ne, kalmomi 7: "Ruwan unguwar ya gurɓace, a daina sha." Rijiyoyi 28 da aka samu lafiya sun shiga sahun masu laifi. Burtsatse ma haka. "A tafasa" ya zama "a daina". Uwar gida mai rijiya tsaf za ta koma sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa ba tare da ta san daga ina aka ɗebo ba, mai masai a gindin rijiya kuma bai ji komai game da masansa ba.

Dalilin wannan zamiya shi ne kowane zagaye ana auna shi da wanda ya gabace shi, ba da tushe ba. Kuma ɓarnar ba ta tafiya barkatai, gefe ɗaya take karkata. Kalmomin da ke iyakance magana, irin su "wasu", "sai dai", "idan", "har zuwa", "mai yiwuwa", su ne ƙanana, su ne kuma ake fara ɗauka ciko. Da an cire su sai magana ta faɗaɗa, ta ƙara ƙarfi fiye da hujjarta. Masanin halayyar ɗan Adam Frederic Bartlett na jami'ar Cambridge ya wallafa gwaji a kan haka a 1932: mutum ya karanta labari ya rubuta daga ka, na gaba ya karanta nasa ya rubuta, haka har ƙarshen layi. Labarin ya riƙa gajarta, baƙin abubuwa na zubewa, yana komawa siffar da mutanen suka saba ji. Malaman hadisi ma sun daɗe da sa sharaɗi: mai taƙaita hadisi sai ya san ma'anarsa, kuma ba ya yanke togiya ko sharaɗin da sauran maganar ta rataya a kansa.

To, yaya ake yi? Tun kafin a taɓa kalma ɗaya, a ɗauki biro a ja layi a ƙarƙashin abin da ba a sayarwa: wa ya faɗa, nawa cikin nawa, wa abin ya shafa, yaya ƙarfin tabbacin yake, me aka ce a yi kuma har yaushe. A sanarwarmu ke nan kwamiti, 12 cikin 40, gidajen da abin ya shafa, mai yiwuwa, tafasawa har gwaji na biyu. A rubuta su a gefe, su bi takardar duk inda ta je.

Sannan duk sanda aka ce a ƙara ragewa, a ajiye taƙaitawar baya, a koma wa asali. Ko sau biyar aka nema, sau biyar za a koma. Ga abin da ke fitowa in an tashi daga kalmomi 79 kai tsaye zuwa 19: "Kwamitin lafiya: rijiyoyi 12 cikin 40 na da ƙwayoyin cuta, masu rijiyoyin su tafasa ruwa har a sake gwaji." Ku lura, ruwan sama bai shigo ba sam. Tunda babu wurin "mai yiwuwa", an bar dalilin gaba ɗaya. Gara a cire magana da sharaɗinta tare, da a bar ta tsirara. Cire jimla sukutum ya fi aminci a kan sassaƙe kalmomi daga cikin kowace jimla.

Bayan an gama, a bi aikin ta baya. Kowace kalma mai nauyi a taƙaitawar, a ɗora yatsa a kan inda take a asali. "A daina sha" ba shi da gida a takardar kwamitin, don haka daga kan marubuci ya fito. A kuma miƙa wa wanda bai karanta asalin ba, a tambaye shi: rijiya nawa ce ta lalace, kuma me za ka yi gobe da safe? In ya ce "duk" ko "ba zan sha ba", an wuce gona da iri.

Akwai kuma iyakar da ba a tsallakewa. Kalmomi 7 ba za su ɗauki sanarwar nan duka ba, ko wane gwani ne. Idan gurbin ke nan, a zaɓi batu ɗaya a faɗe shi daidai: "Rijiyoyi 12 cikin 40 sun gurɓace." Sauran, musamman maganar burtsatse da tafasa ruwa, a gaya wa edita ƙiri-ƙiri cewa dole su shiga jimlar farko da ke bin kanun.