Kayan da ke cin kuɗin talla bai sayu ba: kafin ku cire shi

Kwanan nan hoton allo iri ɗaya ke ta yawo. Mutum ya buɗe rahoton kayansa a Google Ads, ya ga jerin sifili a gurbin ciniki, ya share su duka a dare ɗaya, sai bayan mako biyu ya dawo yana tambayar inda cinikinsa ya shiga. To, bari mu bi abin a hankali.

Fito da jerin ba wuya. Ku shiga Products, ku ƙara ginshiƙan Clicks, Cost da Conversions, ku jera daga wanda ya fi cin kuɗi zuwa ƙasa, ku tace waɗanda Conversions ɗinsu sifili ne. Ga shi nan a allo, ko minti ɗaya bai kai ba.

Nan ne mutane ke tuntuɓe. Suna ɗaukar sifilin nan a matsayin hukunci, alhali sau da yawa kayan bai ma samu isassun masu dannawa ba balle a yanke masa.

Mu ɗauka a shagonku, cikin mutum 100 da suka danna talla, 2 ne ke saye. Wato a kowane danni 50 ana sa ran ciniki ɗaya. Ga wani takalmi an danna shi sau 50, ba wanda ya saya. Ya gaza ke nan? Ku dubi lissafin. Ko da takalmin nan lafiyarsa ƙalau, daidai yake da sauran kayan shagon, yiwuwar ya kai danni 50 ba ciniki ta kai kashi 36 cikin 100. Ku sake jin wannan. In kuna da kaya 100 masu kyau, kowanne da danni 50, kusan 36 za su nuna muku sifili, ba laifin zaune ba na tsaye. A danni 100 yiwuwar ta sauko kashi 13. Sai a danni 150 take komawa ƙasa da kashi 5, kuma a nan ne ni nake fara zargin kaya.

Saboda haka ku nemo danni nawa shagonku ke buƙata kafin ciniki ɗaya, ku ninka sau uku. In naku 1 ne cikin 100, sai ku jira 300. Na san akwai zafi, mutum yana kallon kuɗinsa na tafiya ana ce masa ya yi haƙuri. In ribar kayan ba ta da yawa, ku rage abin da kuke biya a kansa yayin da kuke jira.

Sai abubuwa biyu da ke ƙara ruɗa lissafin. Google Ads yana rubuta ciniki ne a ranar da aka danna tallar, ko da sai bayan kwana goma aka biya. Kwanakin baya-bayan nan kullum rahotonsu bai cika ba, don haka ku ɗauki kwana 60 ko 90, ku yanke mako ɗaya ko biyu na ƙarshe. Na biyu, takalmi ɗaya mai lambobi shida daban-daban ana ganinsa layi shida ne, kowanne da nasa Item ID. Danni 180 ya rarrabu talatin-talatin, ba layin da ya isa a zarge shi. Ku sauke rahoton, ku haɗa su da `item_group_id` da ke cikin fayil ɗin kayanku na Merchant Center, nan take ɓarawon zai fito fili.

To, mun kama shi, danni 180, ciniki babu. Kafin cirewa, ku danna tallar kamar baƙo. Sau tari nan amsar take: lambobin da aka fi nema sun ƙare sai manya, ko kuɗin aikawa ya bayyana a matakin ƙarshe ya kori mutum, ko sunan kayan a fayil ya yi faɗi har yana jawo masu neman wani abu daban. Wannan na ƙarshen, rahoton Search terms zai tona shi.

In kun gyara, ku fara ƙirga daga ranar gyara. In ba abin gyarawa, ku sa masa alama a `custom_label_0`, ku ware masu alamar a rukuninsu da ɗan ƙaramin kasafi, ko ku cire su daga kamfen ɗin. Kada dai ku goge shi daga Merchant Center, don zai iya ci gaba da fitowa a jerin kyauta, inda danni ba ya cin ko sisi.